Saura wata shida uwargida ta sauka, ku duba min wannan lissafin

Angon Bara: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina Birnin Kebbi, ina aiki a wani kamfanin casar shinkafa, albashina dubu 110. Iyalina na da cikin fari, wata uku ya cika. Ina ajiye dubu 35 duk wata, wata shida zai ba ni dubu 210, ga kuma adashi da zan kwasa dubu 90, jimla dubu 300. Yadda na kasa su: rago dubu 140, cefanen suna dubu 45 tunda shinkafa daga gida za a kawo, atamfa turmi biyu dubu 40, kayan jariri dubu 35, itacen wanka dubu 20, asibiti ranar haihuwa dubu 20. Abin da ke damuna shi ne haihuwar za ta faɗo kamar mako biyu kafin Babbar Sallah, rago zai yi wuta. Shin in saye shi tun yanzu in yi kiwo, ko in bari? Waɗanda suka riga mu, a taimaka da shawara.

Ɗan Kara: Wa alaikumus salam. Ango ai wannan ba abin tambaya ba ne. Saye yanzu. Ragon da za ka kama dubu 90 yau, in Sallah ta matso ko dubu 150 ba ka taɓa igiyarshi. Ka shiga Ambursa ko Jega ran kasuwa da sassafe, ka kama ɗan matsakaici mai lafiya, dusa da harawa su ƙarasa sauran. Kuma rago banki ne, in wata lalura ta taso ka sayar.

Sarkin Zaure: Kai ango, kowane yaro da arzikinsa yake zuwa. Iyayenmu sun haifi goma goma ba su taɓa riƙe biro ba. Allah Ya sauke ta lafiya kawai.

Angon Bara: Amin Sarki. Ai na yarda, amma ko raƙumi sai an ɗaure sannan a yi tawakkali.

Anti Nas: Wa alaikumus salam ƙanena, Allah Ya raba lafiya. Na karanta lissafinka sau biyu. Cikin dubu 300, dubu 225 sun tafi ga ranar suna, wato rago da cefane da atamfa. Ita kuwa ranar da rai biyu suke kan siraɗi ka ba ta dubu 20. Ban ga kuɗin awo ba sam. Ta fara zuwa kuwa?

Angon Bara: Ba ta fara ba Anti. Gwaggonta ta ce sai ciki ya kai wata biyar ko shida, wai yanzu ba abin da za a gani.

Anti Nas: To wannan shi ne kuskure na farko, kuma shi ya fi cin kuɗi daga baya. Shekara 14 ina ɗakin awo da ɗakin haihuwa, bari in gaya maka abin da zuwan farko yake yi. Za a duba hawan jini, a auna yawan jininta, a duba fitsari, a yi gwajin ƙanjamau da ciwon hanta, a san rukunin jininta. Hoton ciki na farkon nan shi ne ya fi faɗin gaskiyar watannin ciki, wanda aka yi a wata bakwai yana iya kuskure da mako biyu ko uku. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce zuwa takwas ake so, na farko kafin ciki ya wuce mako 12. Da zuwa huɗu ake cewa.

Ga inda kuɗin yake. Mace ta zo a wata uku jininta ya yi ƙasa, ƙwayar ƙarin jini da abinci sun isa su ɗaga shi kafin haihuwa, don akwai lokaci. Wannan ƙwayar ko ba a samu ta kyauta ba, ta wata guda ba ta kai kuɗin katin wayarka ba. Amma ta zo a wata tara idonta fari fat, tafin hannu kamar takarda, babu sauran lokacin ƙwaya, sai ledar jini. Haka maganin kariyar zazzaɓin cizon sauro da muke ba su su haɗiye a gabanmu, daga wata huɗu ake farawa, duk wata. Wadda ta makara ta yi asarar zagaye biyu ko uku. Ka ware wa awo kamar dubu 25, har da kuɗin keke na zuwa da dawowa. A asibitin sha-ka-tafi na unguwa zai iya yin ƙasa da haka, a babban asibiti gwaje-gwajen farko ne suke ɗan ciwo, sauran zuwan ba wani abu.

Baban Khalifa: Ango, Ɗan Kara abokina ne amma kar ka biye mai ga zancen rago banki. Ni na gwada wannan bankin, bari in ba ka labari.

Haihuwarmu ta ukku ce, biyun farko duk gida anka yi su lafiya lau, shi ya sa ban kawo komai a raina ba. Na sai rago dubu 120 tun ciki na wata shidda, shina nan ɗaure ƙofar gida yara na ba shi ɓawon kankana. Naƙuda ta tashi bayan la'asar, har ƙarfe ɗaya na dare shiru. Ungozoma ta fito ta ce mani hannu ne ya fito, ba kai ba. Munka nemi mota, mai motar ya ce dubu 15, ban ko taya ba. Da munka isa asibiti likita ya duba ya ce aiki, yanzu yanzu, ya miƙo mani takarda. Aljihuna dubu 22 ne. Ina tsaye bakin taga da takarda a hannu, ina jin muryarta daga ciki, ina tunanin ragon da ke barci ƙofar gidana. Wa zai sai rago ƙarfe biyu na dare?

Na tada mutum huɗu daga barci kafin kuɗin su haɗu. Wanda ya turo ta waya, sabis ya riƙe kuɗin kusan awa ɗaya. Ga abin da na kashe, na rubuta su don bashi ne: aiki dubu 150, leda biyu ta jini dubu 30, ƙannena ne sunka bayar amma gwaji da ledar sai da na biya, magunguna da ruwa da allurai dubu 45, mota dubu 15, abinci da zirga-zirgar masu jinya kwana biyar dubu 20. Dubu 260 ke nan. Da gari ya waye na aika da ragon kasuwa. Dillalai sun ga yaron da ya jawo shi a gigice, sun san labari. Dubu 85 anka saye, ban da dusar wata ukku da ya ci.

Alhamdu lillahi ɗiyar na nan tana gudu, uwarta ma lafiya. Amma sai da na yi wata bakwai ina biyan mutane.

Ɗan Kara: Allah Ya kyauta gaba Baban Khalifa. Amma ai kai ka yi gaggawar sayarwa. Da ka riƙe shi mako biyu da ka ci riba.

Baban Khalifa: Wanda ya ranta mani kuɗin hajarshi ne, da safe zai tafi sari. In ce mai ya jira mako biyu?

Maman Ilham: Wai ba an ce tiyatar haihuwa kyauta ba ce yanzu? Ni na ji a rediyo, Ministan Lafiya Farfesa Muhammad Ali Pate da bakinsa. To me ya kawo zancen tara dubu ɗari da wani abu?

Anti Nas: Kin ji daidai Maman Ilham, a watan Nuwamba 2024 aka sanar. Sai dai ba kowane asibiti ba ne, akwai waɗanda aka zaɓa aka sa cikin shirin, kuma an yi shi ne don matan da ba su da hali. Ta hannun hukumar inshorar lafiya ta ƙasa kuɗin yake bi. Saboda haka abin yi shi ne ango ya tambaya da bakinsa ranar awo: wannan asibitin yana cikin shirin? Me ake buƙata a kawo? Me ya ƙunsa, me bai ƙunsa ba? Ya tambaya da rana tsaka hankalinsa kwance. Ko an ce masa yana ciki, ni dai ba zan ce ya saki kuɗinsa ba. Kyauta ba ta biyan mota, ba ta ciyar da masu jinya, kuma in wani magani ya yanke a daren, takarda za a ba shi ya fita waje ya nemo.

Maman Ilham: Ƙanwar maigidana dai an yi mata ba a karɓi ko sisi ba na aikin.

Anti Nas: Ma sha Allah, haka ake so. Baban Khalifa kuma ya biya. Duk biyun gaskiya ne, shi ya sa nake cewa a tambaya.

Akawu: Akwai kuma KECHEMA, hukumar inshorar lafiya ta jihar Kebbi, ba ma'aikatan gwamnati kaɗai take ɗauka ba. Ango ka leƙa ofishinsu ka ji yadda tsarin masu zaman kansu yake. Amma ka je cikin makon nan, domin inshora ba yau ka biya gobe kati ya fara aiki ba, akan ɗauki lokaci. Ka kuma tambaya ko asibitin da za ka zaɓa yana yin tiyata ko sai an tura ku wani.

Angon Bara: Jikina ya yi sanyi wallahi. To amma Anti, duk wata dubu 35 ɗin nan da ƙyar nake cire ta. In na ware kuɗin tiyata dubu 150, ragon fa? Ɗan fari ne, ba zan iya kallon surukaina ba rago ba.

Anti Nas: Ƙanena, ba kuɗi biyu nake ce ka tara ba. Kuɗi ɗaya ne mai aiki biyu. Haihuwa tana riga suna da mako guda, ko ba haka ba? To dubu 140 ɗin ragon nan ka ƙara musu goma su zama 150, ka kulle, kar ka mai da su dabba. In ta sauka lafiya, aka sallame ku, kwana uku ko huɗu suka wuce uwa ba ta zubar da jini, jariri yana kama nono, idonsa bai yi ɗorawa ba, sai ka ɗauki kuɗin ka tafi kara. In kuwa Allah Ya kawo jarrabawa, kuɗin na hannunka a daren. Mafi yawan mata da kansu suke haihuwa, in sha Allahu ragonka za ka saya. Amma a lissafin masana, cikin mata goma akan sami kamar ɗaya da sai an yi mata aiki, kuma ba a rubuta wa kowa a goshi ba. Cikin fari kuwa ba mu da tarihin da za mu duba mu ce ga yadda ta saba.

Na ce kwana uku ko huɗu ne saboda ciwon shawara na jarirai. Yawanci a rana ta biyu zuwa ta huɗu take bayyana. Ka fito da jariri hasken rana, ba hasken ƙwan ɗaki ba, ka duba farin idonsa, ka ɗan danna goshinsa ko hancinsa da yatsa ka saki. In wurin ya yi rawaya, ko ya cika barci ba ya son tsotso, asibiti. Wadda ta fito tun ranar farko kuwa ba a kwana da ita. Kwana biyu ko uku a ƙarƙashin fitilar asibiti kuɗi ne, amma wanda aka tsaya ana ba shi jiƙo har ta hau ƙwaƙwalwa, wannan ɗawainiyar ta har abada ce.

Ɗan Kara: Anti na ji, amma ki sani kin sa shi asarar dubu 40 ko 50. Mako biyu kafin Sallah dubu 150 ɗan ƙaramin rago za ta ba shi.

Akawu: Ɗan Kara ka sa dusa da harawa da ƙaiƙayi na wata shida a lissafin? Ko dubu biyar ce a wata, talatin ta tafi. Ga ciwo, ga ɓarayi. Ribar ba ta kai yadda kake faɗa ba.

Ɗan Kara: Mutumin da ke aiki inda ake casar shinkafa kake gaya wa tsadar dusa?

Akawu: To, a nan ka kama ni.

Malam Ƙarami: In ɗan sa baki. Yankan suna sunna ce ga mai hali, wanda bai samu iko ba babu laifi a kansa. A mazhabarmu ta Malikiyya dabba ɗaya ce ko namiji aka haifa ko mace, kuma ba dole sai rago mai ƙaho ba, tunkiya ko akuya da ta kai shekarun layya ta wadatar. Gab da Sallah raguna ne suke tashi sosai, tumaki da awaki ba su kai su ba. Girman rago don idon mutane ne, ba sharaɗi ba ne.

Hajiya Inna: Malam, a littafi haka ne. A cikin gida kuwa ɗan fari a ɗaure akuya, sai an shekara goma ana yi wa yarinyar nan gori a gidan biki. Ku maza ba ku san abin da muke ji ba.

Na Gusau: Ni daga Zamfara nake, ku ƙara wannan. Mu da iyalanmu ke ƙauye, ba kuɗin mota ne matsalar ba, hanyar ce ba ta biyuwa da dare. Ko miliyan gare ka ba direban da zai fito. Da cikin matata ya shiga wata tara na ɗauko ta na kawo ta Gusau gidan yayata, ta yi mako biyar kafin ta haihu. Abin da na riƙa bayarwa na cefane da ɗan ihsani ya kai dubu 40, ban taɓa sa shi a lissafi ba. Ango, in za a kai ta gida goyon ciki, ka fara tambayar kanka daga gidan zuwa asibitin da ke tiyata minti nawa ne, kuma da dare.

Angon Bara: Iyayenta suna Kalgo, kusa ne, kuma akwai babban asibiti a can. Amma sun ce a wata bakwai za ta koma.

Anti Nas: Kalgo ba matsala. Sai dai katin awonta ya bi ta, kuma ku tsayar da asibiti ɗaya tun yanzu. Abu uku za ka yi da ba sa cin ko kwabo. Ka sami mai mota ko mai keke biyu da suka yarda ka kira su ko ƙarfe nawa. Da zarar an san rukunin jininta, ka nemi mutum biyu cikin dangi ko abokai da za su iya ba ta, ka gaya musu watan. Sannan cikin dubu 150 ɗin, ko hamsin ce ta zauna a gida tsaba daga wata takwas, saboda abin da ya sami Baban Khalifa da sabis. Ka kuma gaya wa surukarka: ciwon kai mai tsanani, gani dishi-dishi, kumburin fuska da hannu, ko jini ko kaɗan ne, ba a jiran ka zo daga wurin aiki. Alamun jijjiga ke nan ukun farko.

Maman Biyu: Tunda an zo zancen rukunin jini. Ni nawa O negetib ne, maigida fozitib. Ban sani ba sai a ciki na biyu. Akwai allurar da ake kira Anti-D, ana yi wa uwa cikin awa 72 bayan haihuwa in jaririn fozitib ne, don ta kare cikin gaba. Lokacin da na saya dubu 60 ce, kuma sai da aka zaga kemis uku. Masu irin jinina ba su da yawa, amma in matarka tana ciki gara ka sani da saura wata shida, ba ranar da ake lissafin goron suna ba.

Mai Kayan Jarirai: Assalamu alaikum, akwai setin wanka, gadon jariri mai gidan sauro, shawul da obarol 'yan Dubai, muna aikawa har gida. A yi magana ta akwati.

Akawu: Hajiya mutumin rage kaya yake nema.

Maman Biyu: Ai ta tuna min. Ango dubu 35 ta kayan jariri ta yi yawa. Ɗan fari kayan barka har rasa inda za ku sa su za ku yi. Ni akwai riguna 'yan kanti da yarana ba su taɓa sawa ba, kafin a waiwaya sun fi ƙarfinsu, wata biyu kawai. Ka sayi na fitowa asibiti kala huɗu ko biyar, hula, safa, tawul, zannuwa masu laushi, baho. Gado kuwa kwandon ajiye wanki zai koma.

Abin da ba ka sa ba, kuma shi zai bi ka har shekara, famfas ne. Sabon jariri yana ɓata shida zuwa takwas a yini. Ka ce shida, kowanne naira 150 in ka sayi babban ƙunshi, 900 ke nan kullum, dubu 27 a wata. Rubu'in albashinka fa. Ni da tagwaye na gane ba zan iya ba, na koma nafkin dozin biyu da wandon roba, famfas sai dare da fita unguwa. Biyu a rana, dubu tara a wata ga yaro ɗaya, sai sabulu da ruwa. Wahalar wanki ce, musamman da damina da ba sa bushewa, ba zan ɓoye maka ba. In za ka zaɓi nafkin to ka tabbata akwai ruwa a gidan, kar ka bar mai jego da jan guga.

Maman Ilham: Ki gaya masa madara. Zafin Kebbi nono kaɗai ba ya isar yaro, dole a haɗa da ruwa da 'yar madara.

Anti Nas: A nan ne ba mu tare Maman Ilham. Nono mafi yawansa ruwa ne, ko a watan Afrilu ya ishe shi har wata shida, sai dai a yawaita ba shi, uwar kuma ta sha ruwa sosai. Yadda za a gane yana ƙoshi: yana jiƙa nafkin sau shida ko fi a yini, kuma nauyinsa na hawa a katin rigakafi. Dakashin farkon nan da ake matsewa a zubar, shi ne rigakafinsa na farko, a ba shi.

Ga lissafin madara, tunda zancen kuɗi muke. Jaririn da ya dogara da ita kaɗai yana shanye gwangwani mai giram 400 a kwana uku zuwa huɗu. Gwangwani takwas ke nan a wata. In dubu bakwai ne kowanne, dubu 56. Abin da nake gani kullum shi ne a fara da ƙarfi a wata na farko, nono ya ja baya saboda yaro ba ya tsotsa, kuɗi su ƙare, sai a koma tsinka madarar, cokali ɗaya inda ake sa uku. Ga bulumboti da ba a tafasawa. Sai gudawa, sai rama, sai gado. Akwai wadda dole ce ta sa, uwa ba lafiya ko ta rasu, wannan daban. Amma in uwa na nan, dubu 15 da za ka ƙara a cefanenta, wake, gyaɗa, kifi, ƙwai, zogale, ta fi maka gwangwani takwas.

Angon Bara: Rigakafi fa, nawa zan ware?

Anti Nas: Kuɗin keke kawai, kyauta ne a asibitin gwamnati. Ranar haihuwa, sai mako 6, mako 10, mako 14, sai wata 9, sai wata 15. Mu a Kebbi mun samu ƙari, tun Disamba 2024 aka fara rigakafin zazzaɓin cizon sauro a nan da Bayelsa, daga wata biyar ake farawa. Da damina kuma masu bi gida gida suna raba maganin kariya ga yara daga wata uku. Duk da haka ka riƙa jefa dubu biyar a gefe duk wata, yaro ba ya shekara bai yi zazzaɓi ko tari ba. Jaririn da bai kai wata uku ba in jikinsa ya yi zafi, ba kemis ake kai shi ba.

Hajiya Inna: Duk na ji, amma na ga kuna ta yanka, kar wanda ya taɓa kuɗin itace. Dubu 20 ma ba ta kai arba'in, wanka safe da yamma. Sai kunun kanwa da naman kauri. Mai jegon da ba ta gasu ba ita ce za ku dawo kuna kai wa asibiti da ciwon jiki.

Anti Nas: Inna, wanka da ruwa mai ɗumi ba wanda ya hana, nama kuwa a ƙara mata. Ruwan da ke salar fata da kanwa mai yawa su ne nake tsoro. Kanwa gishiri ce, tana tara ruwa a jiki, tana wahalar da zuciya. Mun sha karɓar mai jego ƙafa a kumbure, ba ta iya kwanciya sai a zaune saboda numfashi. Wadda aka ce tana da hawan jini ko aka yi wa aiki, ita kam kar ta kusanci ko ɗaya sai da izinin likita.

Hajiya Inna: Ɗiyata, tara na haifa, duk da kanwa na yi jegonsu, ga ni ina danna waya.

Anti Nas: Allah Ya ƙara lafiya Inna. Ni waɗanda ba su yi sa'arki ba nake gani.

Hajiya Inna: To a rage kanwar. Itace dai ba a rage shi.

Angon Bara: Na gode ƙwarai, na sake zama da biro. Dubu 150 a kulle, ba rago sai an kwana huɗu da haihuwa. Awo dubu 25, ranar Litinin za mu fara, na riga na gaya mata. Kayan haihuwa da kuɗin asibiti dubu 30. Kayan jariri da nafkin dubu 20. Atamfa turmi ɗaya dubu 20. Itace na bar shi dubu 20 saboda Inna, tunda a Kalgo za a yi wankan ba ni da ta cewa. Cefanen suna dubu 25. Saura dubu 10 na famfas na watan farko. Bayan haihuwa dubu 35 da nake ajiyewa za ta koma cefanen mai jego da famfas da kuɗin ko-ta-kwana.

Akawu: Lissafi ya cika 300 daidai. Amma adashin nan na dubu 90, wane wata ne kwasarka?

Angon Bara: Watan da za ta haihu ne, ƙarshensa.

Akawu: To ka ga rami. In ta sauka da mako biyu ko uku kafin lokaci, kuɗin ba su zo ba. Ka roƙi uwar adashi ta musanya maka da wani, ka kwasa a wata bakwai.

Angon Bara: Zan same ta gobe. Matsala ɗaya ta rage, na kira Hajiyarmu na gaya mata zancen ɗaga sayen rago, ta ce ita ba ta san wannan ba, ta riga ta sa ƙanena ya fara tambayar farashi a Ambursa.

Ɗan Kara: Hajiya ta san kan abin. Ka ce ƙanen naka ya neme ni.

Baban Khalifa: In Hajiya ta matsa, ka ce ta kama ɗan ƙarami da kuɗinta ka riƙa kai dusa. Naka dai kar su fita.

Angon Bara: Zan gwada, amma ba ta waya ba. Sai na je gida ranar Juma'a.